Bangon da ke Jin Hausa Sai a Wajen Hani

Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti a ƙasar Hausa ya san cewa bangon asibiti yana jin Hausa sarai. Idan maganar hani ce, ba ya kame-kame: "An hana tofar da yawu." "Ba a shiga da yara." "Lokacin ziyara daga ƙarfe 4 zuwa ƙarfe 6 na yamma." "A yanki kati kafin ganin likita." Jimloli ne gajeru, masu kai da gindi, waɗanda ko yaro ɗan aji uku ya karanta wa kakarsa za ta gane abin da ake so da ita. Amma a matsa taku biyu zuwa allon da ke bayanin haƙƙin majinyaci da yadda danginsa za su kai ƙorafi, nan take sai harshen bangon ya sarƙe. Ko dai a tarar da shi cikin Ingilishi zalla, ko kuma a tarar da wata Hausa mai rawani da babbar riga, wadda za a karanta daga farko har ƙarshe ba a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, wannan bambanci ba rashin kalmomi ya kawo shi ba. Harshen da ya iya cewa "an hana" ya iya cewa "dole ne a saurare ku". Sanarwar haƙƙi da aka fassara ta yadda ɗan jinya ba zai iya aiki da ita ba, ta ƙwace masa haƙƙin da ta zo ba shi, kuma ta yi hakan cikin harshensa na uwa, wanda ya fi ciwo. Ma'aunin irin wannan fassara ɗaya ne tak: bayan an karanta wa mutum, shin ya san abin da yake bi bashi, ya san wanda yake bi, ya kuma san inda zai je karɓa? Idan amsar a'a ce, to an yi wa bango ado ne kawai.

Abin da doka ta riga ta tanada

Kada wani ya ɗauka cewa alfarma nake nema wa majinyata. A Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta yi magana a fili. Sashe na 23 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace hanya, da kuma ikon da yake da shi na ƙin karɓar magani. Sashen ya ƙara da cewa, matuƙar da hali, a yi bayanin cikin harshen da majinyacin yake ji, a kuma yi la'akari da zurfin karatunsa. Sashe na 30 kuwa ya ba kowane mutum damar kai ƙorafi a kan yadda aka bi da shi a asibiti, a kuma binciki ƙorafin. Ya wajabta a kafe hanyar kai ƙorafin a inda duk mai shigowa zai gani, a riƙa sanar da jama'a ita a kai a kai, a kuma karɓi kowane ƙorafi tare da shaida wa mai shi cewa an karɓa, ko da ba wannan asibitin ne ke da hurumin warware shi ba. Bayan haka, a ranar 31 ga Yulin 2018, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata guda 12, wanda hukumar kare masu sayen kaya da ma'aikatar lafiya ta tarayya suka shirya, kuma damar kai ƙorafi tana cikinsu.

Ke nan haƙƙin yana nan a rubuce, cikin Ingilishi, a Abuja. Tsakaninsa da matar da ke zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin haihuwa tana jiran labarin 'yarta, babu gada sai fassara. Idan gadar ta karye, dokar ba ta iso ba.

Haƙƙi da 'yanci ba tagwaye ba ne

Gargada ta farko tana cikin taken sanarwar. Ingilishi yana da kalma guda da yake amfani da ita a nan, Hausa kuwa tana da biyu, kuma masu fassara sukan ɗauki duk wadda ta fara faɗo musu a baki. 'Yanci shi ne rashin takunkumi: ƙasa ta sami 'yancin kai, bawa ya sami 'yanci, babu mai hana ka. Haƙƙi kuwa kalma ce mai ɗauke da mutum biyu, mai bi da wanda ake bi. Shi ya sa Bahaushe yake cewa "haƙƙina yana wuyanka", da "ya ci haƙƙin marayu", da "ka sauke haƙƙin da ke kanka". Duk inda aka ambaci haƙƙi, kunnen mai sauraro yakan nemi wuyan da yake rataye a kai.

A duba yadda wannan yake sauya ma'anar jimla guda. Idan aka rubuta "Kuna da 'yancin sanin ciwon da ke damun ku", abin da mai karatu zai ji shi ne ba a hana shi sani ba, in ya sami mai gaya masa. Idan aka rubuta "Haƙƙinku ne likita ya yi muku bayanin ciwonku da harshen da kuke ji", an ambaci wanda nauyin yake kansa, kuma likitan da ya yi rubutu a kati ya miƙa ba tare da ya ɗaga kai ba ya zama mai riƙe da kayan wani. Jimla ta biyu ce ta dace da sashe na 23, domin sashen nauyi ya ɗora wa ma'aikaci. Amma a wajen ƙin karɓar magani, 'yanci ce kalmar da ta zauna daram, domin a nan abin da ake nema daga asibiti shi ne kada ya tilasta. Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar da wannan tun a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, inda ta nuna cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin maganin da bai yarda da shi ba. Mai fassarar da ya san aikinsa zai bi haƙƙoƙin ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa: wannan abin yi mini za a yi, ko ƙyale ni za a yi? Amsar ce za ta zaɓa masa kalma.

Ƙara, koke da ƙorafi

Gargada ta biyu ta fi ta farko zurfi, domin ita ce ke sa mutum ya miƙe ko ya koma ya zauna. Hausa tana da kalmomi uku da ake jefawa a wannan gurbi, kuma kowace da ƙofar da take buɗewa a zuciyar mai ji. Ƙara ana kai ta ne gaban alƙali ko ofishin 'yan sanda. Tana tafe da sammaci, da lauya, da kashe kuɗi, da gabar da ba ta ƙarewa. Mutumin da mahaifiyarsa ke kwance a gado, ruwa na shiga jikinta, ba zai taɓa yarda ya "kai ƙarar" nas ɗin da za ta zo yi mata allura da ƙarfe biyun dare ba. Rubuta "ƙara" a sanarwar asibiti daidai yake da rubuta "kada ka kuskura".

Koke kuma daga ƙasa yake hawa sama. Talaka ke kai kukansa ga mai mulki, ya durƙusa, ya jira a share masa hawaye in an ga dama. Kalmar tana da mutunci, har ma da ita ake kiran hukumar karɓar koke-koken jama'a, amma a bakin mai neman haƙƙinsa a asibiti tana mayar da shi mai roƙo. Saura ƙorafi, wadda ita ma ba ta rasa tabo ba, tunda ana cewa wane ya cika ƙorafi, wato mita. Duk da haka ita ce ta fi kusa, domin rediyo da ofisoshi sun daɗe suna amfani da ita da ma'anar nuna rashin gamsuwa ga wanda ke da ikon gyara.

Sai dai babu ko ɗaya daga cikin ukun da ke ɗauke da abin da doka ta fi ba muhimmanci, wato wajabcin a karɓa a kuma bincika. A nan ne masu fassarar kalma da kalma suke faɗuwa. Abin da kalma ta kasa ɗauka, jimla ce za ta ɗauka. Dole a rubuta "ƙorafi", sannan a bi ta da bayani: wannan ba ƙarar kotu ba ce, ba a biyan ko kwabo, kuma wajibi ne asibiti ya bincika ya ba da amsa. Wanda ya bar wannan bayani don gudun tsawaita rubutu ya yi tsimin tawada ya zubar da ma'ana.

Sakin layi guda a kan teburin fiɗa

Domin kada maganar ta tsaya a iska, ga sakin layin da na kwafo daga allon wani asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba. A ƙarƙashin rubutun Ingilishi an sa wannan: "Marasa lafiya ko magadansu za su iya shigar da kara a rubuce zuwa ga hukumar gudanarwa ta hanyoyin da suka dace. Za a duba lamarin a kan kari." Jimloli biyu ne kacal, kuma na tabbata wanda ya rubuta su ya ɗauka ya yi aminci ga asali. Mu bi su a hankali.

"Magadansu" ita ce ɓarna mafi muni. Abin da Ingilishin yake nufi shi ne ɗan'uwa mafi kusa da majinyaci ya ba da sunansa a kati. Magaji kuwa a Hausa shi ne mai cin gado, kuma ba a maganar gado sai an yi rasuwa. Saboda haka sanarwar ta gaya wa dangi, ba da niyya ba, cewa bakinsu ba zai buɗe ba sai mara lafiyarsu ya cika. Da an sa "iyalansu" ma da ba a tsira ba, domin iyalin mutum a bakin yawancin Hausawa matarsa ce da 'ya'yansa, alhali wadda ke kwana a gindin gado sau da yawa ƙanwar uwa ce, ko kishiya, ko maƙwabciya. Ita ce ta ga lokacin da ruwan ya ƙare ba a sauya ba. Ko "mai jinya" ma tana da baki biyu, tunda ana kiran mara lafiya da ita, ana kuma kiran mai kula da shi. Mafita ita ce a faɗi abin a buɗe: majinyaci da kansa, ko wanda ke zaune da shi, ko wani ɗan'uwansa.

"Kara" ba tare da lanƙwasa ba kuwa, kara ne na dawa, ko kuma kara ta kunya da kawaici. Mai karatu zai gane daga mahallin cewa ƙara ake nufi, amma asibitin da ba ya kuskuren harafi a takardar kuɗi bai kamata ya yi sakaci da ƙ da ɗ da ɓ a takardar haƙƙi ba. "A rubuce" ta kori duk wanda bai yi boko ba, ba tare da ta gaya masa ko akwai mai rubuta masa ba. "Hukumar gudanarwa" ba ta da fuska, ba ta da ƙofa. "Hanyoyin da suka dace" su ne ainihin abin da mutum ya tsaya karatu don ya sani, sai aka mayar masa da tambayarsa. "Za a duba" ba ta faɗi mai dubawa ba, "a kan kari" kuma ba ta cikin kalanda.

A lura cewa rabin wannan duhu daga asalin Ingilishin ya taso. A nan ne nake rabuwa da masu cewa aikin mai fassara ya tsaya ga abin da aka ba shi. Mai fassarar waƙa yana iya barin duhu a inda mawaƙi ya bar shi. Mai fassarar sanarwa kuwa kamar mai rubuta alamar hanya ne, kuma alamar da ta ce "bi hanyar da ta dace" a mararraba ba alama ba ce. Ba ina cewa ya ƙirƙiro abin da babu ba. Ina cewa ya ajiye alƙalami, ya koma wurin waɗanda suka ba shi aikin da tambayoyi biyar. Wane ofishi ne, kuma ina yake daga bakin ƙofar shiga? Wa ke karɓar ƙorafi da dare da ranakun hutu, tunda ciwo ba ya bin lokacin aiki? Ana karɓar na baka? Wace shaida ake ba mai ƙorafi, kuma cikin kwana nawa zai ji amsa? In bai gamsu ba, ina zai nufa? Idan asibiti ya kasa amsa waɗannan, to an gano cewa hanyar ƙorafin ce babu, kuma gara a san haka da a lulluɓe ramin da kyakkyawar Hausa.

A ƙaddara asibitin ya amsa, ya ce ofishin yana kusa da wurin yankar kati, ana karɓar na baka, kuma amsa tana fitowa cikin kwana 14. Ga yadda sakin layin zai koma:

"Idan ba ku gamsu da yadda aka kula da ku ko da mara lafiyarku ba, haƙƙinku ne ku faɗa, kuma wajibi ne mu bincika. Majinyaci da kansa, ko wanda ke zaune da shi, ko ɗan'uwansa, kowa yana iya kawo ƙorafi. Ku je ofishin karɓar ƙorafi da ke kusa da wurin yankar kati, daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Da dare ko ranar hutu, ku nemi shugabar nas-nas da ke bakin aiki. Ba sai kun iya rubutu ba: ku faɗa da baki, za a rubuta, a karanta muku. Ku karɓi takardar shaida mai lamba da kwanan wata. Za mu ba ku amsa cikin kwana 14. Wannan ba ƙarar kotu ba ce, ba a biyan kuɗi, kuma ba za a rage kula da mara lafiyarku don kun yi magana ba."

Ya fi na farko tsawo ninki huɗu, kuma kowace jimla tana cire ƙaya guda daga ƙafar mai tafiya. An zaɓi "ku" da gangan, domin "kai" za ta bar mata a waje, a gidan da mata suka fi kowa zaman jinya, "ku" kuwa ta haɗa namiji da mace, ta kuma zo da girmamawa. "Mu" ta ba asibitin fuska, ta sa shi ya yi alkawari da bakinsa.

Iyaka da matakin gaba

Akwai abu biyu da sanarwa ta gaskiya ba za ta ɓoye ba. Na farko iyaka ce. Damar da ɗan'uwa yake da ita ta kawo ƙorafi ba ta ba shi damar buɗe fayil ɗin majinyaci ba. Sashe na 26 na dokar ya sa bayanin lafiyar mutum ya zama sirri, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko na doka, ko bisa buƙatar iyaye ko waliyyi idan yaro ne ko wanda ba ya iya ba da izini, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. A al'ummar da miji ko babban wa yake ganin shi ya fi cancanta ya fara jin sakamakon gwaji, wannan jimla tana bukatar Hausa mai taushi amma marar rami: "Sirrin ciwon majinyaci nasa ne. Ba za mu gaya wa kowa ba, ko da ɗan'uwa ne, sai da izininsa." Idan aka bar ta, ranar da aka hana wani ganin sakamakon matarsa zai ɗauka raini ne, ya kawo ƙorafi a kan abin da aka yi daidai.

Na biyu shi ne abin da ke gaba da asibiti. A asibitocin tarayya akan sami teburin SERVICOM, shirin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2004 domin sa ido kan yadda ma'aikatu ke yi wa jama'a hidima. Idan zargin sakacin likita ne, akwai majalisar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wadda kwamitin bincikenta ke karɓar ƙorafi a takardar rantsuwa. Nas-nas da ungozomomi su ma suna da tasu majalisar. Akwai kuma hukumar karɓar koke-koken jama'a, wadda aka kafa a 1975, kuma dokarta ta hana ta binciken abin da aka kawo bayan wata 12 da faruwarsa. Wannan wa'adi kaɗai ya isa ya nuna amfanin takardar shaida mai kwanan wata, da kuma illar "za a duba lamarin a kan kari". Iyalin da aka yi ta ce wa su dawo gobe har shekara ta zagayo sun rasa wata ƙofa ba tare da sun san ta taɓa kasancewa a buɗe ba.

Amsa ga masu ja

Za a ce mini yawancin masu zuwa asibiti ba sa karatun boko, don haka wahalar banza ce. Wannan hujja a kan masu ita take komawa. Wanda bai iya karatu ba da kunne yake karɓar sanarwa, daga bakin jikansa ko wani da ke kusa da shi a benci, kuma kunne ba ya iya komawa baya ya sake duba jimla. Saboda haka rubutun da za a ji ya fi bukatar tsabta a kan wanda za a gani. Ban da haka, da yawa daga cikin waɗanda ake kira jahilai suna karanta ajami, kuma babu abin da ya hana a kafe sanarwar da shi a gefen ta boko. Dokar ma cewa ta yi a riƙa sanar da jama'a a kai a kai. Asibitin da ke tara mata masu awon ciki da safe yana yi musu bayanin abinci da rigakafi ba zai rasa minti biyu na karanta musu haƙƙinsu ba.

Za a kuma ce bayyana wa mutane hanyar ƙorafi zai tunzura su a kan ma'aikatan da aiki ya riga ya yi wa yawa. Ina jin nauyin wannan magana, domin nas ɗaya a kan gadaje masu yawa ba ita ta tsara ƙarancin ma'aikata ba. Amma fushin da bai sami ƙofa ba ta taga yake fita. Ɗan jinyar da ya san ofishin da zai je da safe ya fi sauƙin rarrashi da dare a kan wanda ya tabbata babu mai sauraronsa duk duniya. Kuma sanarwar da ta cika ba ta manta da ma'aikaci ba: sashe na 21 na dokar ya ba shi damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya kai masa hannu, in ba mai taɓin hankali ba ne. A fassara wannan ma da Hausa mai kaifi ɗaya, a kafe su gefe da gefe. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce ta fi aiki: Bahaushe mutum ne mai haƙuri da tawakkali, in abu ya faru sai ya ce haka Allah ya ƙaddara, don haka me zai yi da hanyar ƙorafi? Haƙuri halin kirki ne idan mutum ya san yana da zaɓi ya kuma zaɓi ya yafe. Wanda aka ɓoye wa ƙofa bai yafe ba, rasa yadda zai yi ya yi. Kuma mutanen da ke cewa "Allah ya isa" a bakin ƙofar asibiti ba su jahilci haƙƙi ba. Sun san an ci nasu, sun dai ɗaukaka ƙarar zuwa kotun da suka san hanyarta. Asibitin da ya fake da haƙurin jama'a ya bar sanarwarsa cikin duhu yana cin amanar kyakkyawan halinsu ne, yana kuma hana kansa jin kuskuren da zai sake faɗa wa majinyaci na gaba.

Yadda za a gane an yi ko ba a yi ba

Hanyar da aka saba bi wajen tantance fassara ita ce a ba wani ya mayar da ita Ingilishi a gwada da asali. Ga sanarwa irin wannan, hanyar tana yaudara. Wanda zai mayar ɗin ɗan boko ne da ya san ƙirar takardun ofis, don haka da ya ga "magadansu" zai gane abin da aka so faɗa, ya maido da kalmar asali daidai, a buga hatimi a ce fassara ta yi. Kuskuren ya wuce ta tsakanin masana biyu ba wanda ya gan shi, domin ba su ne zai cutar ba.

Jarrabawar gaskiya a benci take. A ɗauki takardar a je inda 'yan jinya ke zama, a sami mutum goma, maza da mata, tsofaffi da matasa, na birni da na ƙauye. A karanta wa kowannensu sau ɗaya, da murya, ba tare da ƙarin bayani ba. Kada a tambaye shi ko ya gane, domin kara za ta sa ya ce ya gane. A tambaye shi: in an yi maka ba daidai ba yau da dare, wurin wa za ka je? Kai da ba ka rubutu, yaya za ka yi? Me za a ba ka a hannu? Yaushe za ka ji amsa? Duk tambayar da mutum uku suka kasa amsawa, laifin jimlar ne, sai a koma a sake ta. Aikin bai wuce na yini guda ba, kuma kuɗinsa bai kai na fentin allon ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin asibitoci da hukumomin kula da asibitoci na jihohi da su daina miƙa wannan aiki ga duk ma'aikacin da aka gani yana jin Hausa, kamar yadda ba sa miƙa wuƙar fiɗa ga duk wanda ya iya yanka rago. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna yaye masu digiri a Hausa kowace shekara, kuma fassara tana cikin abin da suke koyo. A haɗa ɗaya daga cikinsu da nas da jami'in karɓar ƙorafi a teburi guda, a kai abin da suka rubuta benci kafin a kai shi bango. Mu kuma da muka karanci harshe, kada mu sa hannu a kan fassarar da muka san ba za ta kai kowa ko'ina ba, ko da an ce mana haka asalin yake. Bangon da ya iya gaya wa tsohuwa ƙarfe nawa za a kore ta daga ɗakin majinyata ya iya gaya mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa idan an wulaƙanta ta, da sunan takardar da za ta karɓo, da ranar da za ta dawo jin amsa.